Nod ɗaya ya mutu a kulastan Cassandra, rubutu na ta taimawut alhali QUORUM nake

nura_backend: Salam jama'a, dan Allah masu amfani da Cassandra ku zo ku taimaka min. Muna da kulasta mai nod uku, 3.11, datasenta ɗaya. Tun da asuba saba ɗaya ta mutu ɗif, masu kula da injinan sun ce wutarta ce ta samu matsala sai sun canza wani abu. Ni a sanina tunda kwafi uku muke ajiyewa kuma QUORUM biyu yake buƙata to mutuwar ɗaya bai kamata ta taɓa mu ba, amma tun lokacin manhajarmu sai zubo wannan take yi

```
Cassandra timeout during SIMPLE write query at consistency QUORUM
(2 replica were required but only 1 acknowledged the write)
```

ba kowane rubutu ba ne, sai a yi ɗan lokaci lafiya lau sannan su zo da yawa lokaci guda sannan su lafa. `nodetool status` na nuna biyu `UN` ɗaya `DN`. To in biyu na raye me ya sa ɗaya kawai ke amsawa?

kb_ops: Wslm. Duba kispes ɗinka tukuna, ina kyautata zaton kwafi biyu aka sa ba uku ba. Mutane da yawa na ganin nod uku sai su ɗauka kwafi uku ne. In RF, wato yawan kwafi, 2 ne to QUORUM ɗinsa 2 ne, rabin biyu ɗaya a ƙara ɗaya, ka ga ba ka da rarar ko guda. Buga `DESCRIBE KEYSPACE` a `cqlsh` ka turo mana

nura_backend: Ga shi oga

```
WITH replication = {'class': 'NetworkTopologyStrategy', 'dc1': '3'}
```

uku ne wlh, shi ya sa kaina ya ɗaure

MamanZee: kb shawararka ta a duba RF daidai ce, nan ake farawa, amma saƙon da ya turo ma ya riga ya nuna ba nan matsalar take ba. Da kwafi biyu ne, da zarar sauran sun yanke cewa wancan ya mutu, wato ya zama `DN`, kodineta, wato nod ɗin da ya karɓi buƙatar daga manhaja, ba zai ma tura rubutun ba, nan take zai ƙi ya ce `UnavailableException`, 2 ake so 1 ke raye. Kuma zai riƙa faɗa wa wajen kashi biyu cikin uku na makullanka a kai a kai, ba wai ya zo ya tafi ba. Taimawut kuwa na nufin kodineta ya ƙirga ya ga rayayyu sun isa, ya tura musu, ya jira daƙiƙa 2 ɗin da ke `write_request_timeout_in_ms`, ɗaya ya amsa ɗaya shiru.

Nura ga abin da nake so ka gane. Da kana da uku, kodineta na tura kowane rubutu ga duka ukun, ya karɓi amsar biyu na farko ya ce maka an gama. Duk wanda ya yi nawa a cikinsu ba ka ma sani ba, saboda sauran biyun sun rufa masa asiri. Yanzu biyu suka rage kuma biyu ake so, ma'ana QUORUM ɗinka a aikace ya koma ALL a kan waɗanda suka rage. Duk wanda ya ɗan tsaya a cikin biyun nan fiye da daƙiƙa 2, ko da sau ɗaya ne, duk rubutun da ke hanya a lokacin sai ya faɗi. Shi ya sa kake ganinsu tari tari. Ba mataccen ne ke ba ka ciwon kai ba, ɗaya daga cikin rayayyun ne, kuma mai yiwuwa ya daɗe yana wannan tsayawar.

nura_backend: Ikon Allah. Anti to ta ya zan gane wanne ne a ciki?

MamanZee: Shiga kowanne ka buga waɗannan

```
nodetool tpstats
grep GCInspector /var/log/cassandra/system.log | tail -20
```

a na farko ka duba `MutationStage` ko akwai `Pending` da ya taru, sannan can ƙasa ka ga lambar da ke gaban `MUTATION` a `Dropped`. A na biyu ka ga tsawon tsayawar GC, ka kwatanta lokacin da lokacin da manhajarka ta yi ihu.

abba_js: Irin wannan ta taɓa samun mu a MongoDB. Muna da babba ɗaya, mai bi masa ɗaya, sai abita wanda ƙuri'a kawai yake jefawa ba ya ajiye data. Mai bin ya faɗi sai duk rubutun da ke da `w: "majority"` ya maƙale, don rinjaye biyu ne kuma abita ba ya iya amsa rubutu. Ka duba ko naku nod na ukun shi ne shugaba, wataƙila zaɓen sabo ne bai kammala ba

kb_ops: Abba Cassandra ba ta da shugaba ai, duk nod ɗin daidai suke, duk wanda direba ya tura wa buƙata shi ne kodineta na wannan buƙatar kawai. Babu zaɓe

abba_js: Au haka ne? Tohm na gane. Amma dai ciwon ya yi kama, ana ganin uku alhali masu amsawa ba su kai ba

nura_backend: Na dawo. Nod na ɗaya tsaf yake, `Dropped` sifili. Na biyu kuwa `MUTATION` ya haura dubu arba'in kuma yana ƙaruwa ina kallo, ga abin da ke log ɗinsa

```
GCInspector.java - ConcurrentMarkSweep GC in 3412ms
GCInspector.java - ConcurrentMarkSweep GC in 2870ms
```

kuma lokutan sun yi daidai da na manhaja kusan daƙiƙa da daƙiƙa. Na koma log ɗin makon jiya ma na ga irinsu jefi jefi, amma yau sun yi yawa sosai

MamanZee: To ka gani. Makon jiya ma yana tsayawa, na uku ne ke cike gurbinsa. Dalilin da ya sa yau ya ƙaru kuwa lissafi ne mai sauƙi. Rubutu dai bai ƙaru a kansa ba, da ma da kwafi uku a nod uku kowa na karɓar komai. Abin da ya ƙaru shi ne karatu da aikin kodineta. In kana karatu da QUORUM, kowane karatu na taɓa biyu cikin uku, kenan da kowane nod na ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na karatun, yanzu kuwa kowane karatu sai ya taɓa shi. Ƙarin rabi kenan. Aikin kodineta ma daga kashi ɗaya cikin uku ya koma rabi, shi ma ƙarin rabi. Sannan ga `hints`, wato rubutun da suke ajiyewa a diski domin wanda ya mutu ya karɓa in ya dawo. Saba da da ma take numfashi da ƙyar aka ƙara mata wannan, dole ta riƙa sumewa.

Memori nawa ke na biyun, kuma me kuka sa a `MAX_HEAP_SIZE`?

nura_backend: Gig 16 ne, ba mu sa komai ba mun bar shi yadda ya zo. Sauran biyun gig 32 ne, wannan tsohuwa ce da aka haɗa da su

MamanZee: In ba ka sa ba 3.11 na ɗaukar kwata na memorin injin, iyaka gig 8. Kenan sauran na da 8 shi yana da 4, kuma aiki iri ɗaya kuke ba su. Ga tushen nan.

kb_ops: Ni dai a ganina yanzu ba lokacin bincike ba ne, mutane na jira. Ka sauke rubutu zuwa ONE kawai har injin ya dawo, taimawut zai ɗauke nan take tunda na ɗaya lafiyarsa ƙalau. Ko ma ANY in kana so ka huta gaba ɗaya

Malam_Tanko: Assalamu alaikum, na biyo zancen daga sama. kb a yi hattara da ANY. Da ANY ko babu kwafi ɗaya da ya karɓa, in kodineta ya ajiye `hint` zai ce maka an rubuta, alhali ba wanda zai iya karanta abin sai an isar da shi, in kodinetan ya lalace kafin nan ya tafi kenan. A halin Nura ma ba ta ƙara masa komai a kan ONE tunda yana da nod mai lafiya.

ONE kuwa zai kashe saƙon, gaskiya ne, amma ku san abin da kuke sayarwa. Ƙa'idar ita ce yawan waɗanda suka amsa rubutu a haɗa da yawan waɗanda aka tambaya wajen karatu ya fi yawan kwafi. 2 da 2 huɗu ne, ya fi 3, dole a samu wanda ya ga sabon rubutun a cikin waɗanda aka tambaya. 1 da 2 uku ne, bai fi 3 ba. Kuma abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne, na biyun yana zubar da rubutu yanzu haka, na uku a mace. Duk abin da ka rubuta da ONE a wannan yanayin zai iya kasancewa a diski ɗaya tak a duniya. In na ɗayan ya samu matsala da daddare fa?

kb_ops: Malam amma ai ko da QUORUM ɗin ma wanda ya yi taimawut a diski ɗayan yake

Malam_Tanko: Haka ne, bambancin shi ne manhaja ta sani. An gaya mata ba a tabbatar ba, za ta iya sake turawa ko ta gaya wa mai amfani ya dakata. Da ONE za a ce mata komai lafiya

MamanZee: Ina tare da Malam a kan ANY, amma a kan ONE ban kai shi tsauri ba. A yau da biyu kawai ke raye, karatu da QUORUM dole ya tambayi duka biyun, don haka zai ga abin da aka rubuta da ONE. Haɗarin karanta tsohon abu zai fito ne in na uku ya dawo ba a gyara shi ba, karatu ya faɗa kan na biyu da na uku, waɗanda duka ba su da shi. Kuma ba dole ba ne a canza wa komai, ana sa matakin ne a kan kowace buƙata daban. Nura me kuke rubutawa?

nura_backend: Kala uku ne. Akwai tarihin abin da masu amfani ke dannawa, shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Akwai bayanan asusu, kamar canza lambar sirri da izini. Sai tebur ɗaya na `counter` da muke ƙirga sau nawa aka yi amfani da sabis a wata

MamanZee: To tarihin dannawa ka sauke shi ONE da zuciya ɗaya, in layi kaɗan ya ɓata ba wanda zai cutu. Asusu ka bar shi a QUORUM, gara mutum ya ga "sake gwadawa" da ya canza lambar sirri gobe tsohuwar ta dawo. Amma `counter` ɗin nan ya tayar min da hankali. In aka samu taimawut manhajarku me take yi?

nura_backend: Muna da wani kod da ke naɗe duk kiran databes, in ya ga kowace irin matsala sai ya sake turawa har sau uku nan take

MamanZee: Kashe shi a kan `counter` yanzu yanzu kafin komai. Taimawut a Cassandra ba ya nufin rubutun bai shiga ba. Saƙonka da kansa ya ce ɗaya ya amsa, wato ya shiga wajen ɗaya, kuma babu mai janye shi, Cassandra ba ta mayar da rubutu baya. Daga baya ma zai bazu zuwa sauran ta `hints` ko gyaran da ake yi lokacin karatu. In `INSERT` ne ko `UPDATE` mai sa ƙima tsayayya, ka tura sau goma sakamako ɗaya ne. Amma `SET n = n + 1` in ka tura sau uku zai iya ƙara uku. Haka ƙara abu a ƙarshen `list`, zai maimaitu. Shi ya sa direban Java da kansa ba ya sake tura rubutun da ya yi taimawut sai in nau'insa `BATCH_LOG` ne, ku ne kuka zagaye wannan kariyar da naku kod ɗin.

Sannan ko a sauran teburan, sake turawa nan take sau uku daidai lokacin da nod ke sume ƙara masa kaya ne, yana farfaɗowa ya tarar da layi ya ninka. Ku sa jinkiri tsakani, yana ƙaruwa a kowane gwaji.

nura_backend: Innalillahi, kenan ƙirgen yau ya riga ya gurɓace. Akwai yadda za a gyara?

Malam_Tanko: Daga cikin `counter` ɗin babu, ba ya tuna wa ya ƙara me. In tarihin dannawar nan naku na ɗauke da kowane amfani da lambarsa ta daban, sai ku sake ƙirgawa daga can. Ni shi ya sa ba na yarda a ɗora abin da za a caji mutum kuɗi a kan `counter`

abba_js: Tambaya dan Allah, me zai hana a ƙara taimawut ɗin kawai? Tsayawar daƙiƙa uku da wani abu ce, a sa goma shikenan

kb_ops: Za a iya, `nodetool settimeout write 5000` na aiki ba sai an sake kunna nod ba, sai dai in aka sake kunnawa zai koma abin da ke `cassandra.yaml`. Amma in direban Java 4 yake amfani da shi, shi ma `basic.request.timeout` ɗinsa daƙiƙa 2 ne, in bai ɗaga shi ba sai dai sunan matsalar ya canza ya koma `DriverTimeoutException`

MamanZee: Daidai kb. Biyar na ɗan lokaci zan iya yarda, goma a'a. Duk rubutun da ake jira yana zaune ne a memorin kodineta, kuma rabin lokaci kodinetan shi ne wannan mai gig 4 ɗin. Ka tsawaita jira ka ƙara masa abin riƙewa, GC ya ƙara tsawo. Ni da zan zaɓa, rage masa kaya zan yi: a tsayar da duk wani aikin rahoto ko sikanin da ke karatu mai nauyi, a duba `nodetool compactionstats` ko akwai babban aiki da ke cin diski. Akwai kuma `nodetool disablebinary` a kan na biyun, zai daina karɓar manhaja kai tsaye ya zama ma'ajiya kawai, na ɗaya ya ɗauki aikin kodineta duka. Sai dai ka tabbata na ɗayan zai iya.

Malam_Tanko: Wannan ta ƙarshen ni ba zan yi ba Hajiya. Ƙofa ɗaya tak za ta rage wa manhaja, in na ɗaya ya yi tari komai ya tsaya

MamanZee: In na ɗaya ya yi tari yanzu ma QUORUM ya tsaya ai Malam, biyu ake so

Malam_Tanko: QUORUM ya tsaya, amma abin da aka sauke ONE zai ci gaba ta na biyu in ƙofarsa a buɗe take. Kowa dai da abin da ya fi tsoro

nura_backend: Ni da na yi tunanin in ƙara masa `MAX_HEAP_SIZE` zuwa 8 in sake kunna shi

MamanZee: Gyaran kenan amma ba yanzu ba. Kana kashe shi saura ɗaya, duk QUORUM zai koma `UnavailableException` har ya tashi. Jira na uku ya dawo ya daidaita tukuna. Kuma awa nawa kenan da mutuwarsa?

nura_backend: Ya haura biyar, sun ce zuwa yamma

MamanZee: To ka wuce `max_hint_window_in_ms`, awa 3 ne in ba ku canza ba. Bayan awa ukun sauran sun daina ajiye masa saƙo, don haka in ya dawo zai karɓi na farkon kawai, abin da ya biyo baya babu shi a wajensa, kuma zai fara amsa karatu a haka. Da ya tashi ya zama `UN` ka bari `hints` su gama shiga, sannan a kansa

```
nodetool repair -full sunan_kispes
```

kar ka sa `-pr` a nan, shi yankin da nod ɗin ke jagoranta kawai yake gyarawa, kai kuwa duk abin da yake riƙe da shi kake so. A nod uku da kwafi uku wannan zai daidaita na biyun ma da abin da ya zubar. Yi shi lokacin da mutane suka ragu don yana da nauyi, kuma tunda na biyu na cikin aikin ka sa ido a log ɗinsa. Bayan ya gama sai ka taɓa memorin na biyu, `nodetool drain` kafin ka kashe shi.

Malam_Tanko: Ƙari ɗaya, in gyaran injin ya ja har ya wuce `gc_grace_seconds`, kwana 10 ne in ba a taɓa ba, kar a dawo da shi da tsohuwar datarsa. Abubuwan da aka goge za su iya dawowa. Sai a share shi a shigo da shi a matsayin madadi da `replace_address_first_boot`

nura_backend: Na gode ƙwarai. Abin da na yi zuwa yanzu: na cire sake turawa a `counter`, tarihin dannawa ya koma ONE, na tsayar da aikin rahoton da ke gudana duk awa. Taimawut ya ragu sosai amma bai ƙare ba, asusu na samunsa jefi jefi duk sanda na biyu ya tsaya. Shugabana na tambaya ko mu sayi nod na huɗu don kar a sake

kb_ops: Ku saya, huɗu ya fi uku ko ta ina

MamanZee: Zai rage wa kowa kaya, wannan gaskiya ne, amma ba zai ba ka rarar da kake tunani ba. Da nod huɗu da kwafi uku, in ɗaya ya mutu wajen kashi uku cikin huɗu na makullanka na da kwafi a kansa, waɗannan duka sun koma biyu cikin biyu kamar yau. Rara na zuwa ne daga yawan kwafi, RF 5 QUORUM ɗinsa 3 ne, ɗaya ya mutu ɗaya ya yi nawa kana nan kana rubutu. Sai dai nod biyar aƙalla kenan da diskin kwafi biyar.

Malam_Tanko: Wa zai biya kuɗin biyar saboda saba ɗaya mai ƙaramin memori? A canza tsohuwar nan a daidaita su, sannan a gwada kashe ɗaya da gangan da rana a ga ko biyu za su ɗauka

kb_ops: Da rana Malam? Kan masu amfani na gaske?

Malam_Tanko: Da kowa na zaune a ofis, eh. Ana ganin ya fara tangal tangal a kunna shi

nura_backend: Wannan sai na shawo kan shugaba tukuna. Anti in na ukun ya tashi da yamma, in bar tarihin a ONE har `repair` ya gama ko in mayar da shi QUORUM nan take?

MamanZee: Mayar da shi da zarar ka ga uku `UN` kuma `Dropped` na na biyu ya daina hawa, rubutu ba sai ya jira `repair` ba. Turo mana `tpstats` na duka ukun a lokacin mu gani.